Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Babban Banki kan rabon dala

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni akanta ne a wata masana'anta da ke shigo da ɗanyen kaya daga waje, kuma ina so in nuna maka yadda rabon dala ke bayyana a littafin lissafina, domin na san daga ofishinka jimilla kawai ake gani.

Ban zo musun cewa akwai ranar da ƙasa ke buƙatar rufe ƙofar fitar kuɗi waje ba. A watan Satumbar 1998 Malaysia ta tsayar da kuɗinta a kan ringgit 3.80 kowace dala, ta hana masu zuba jari na waje fitar da kuɗin hannun jarinsu sai bayan shekara guda. Amma ba ta hana mai sayo kaya biyan wanda ya sayar masa ba, kuma a Fabrairun 1999 ta sassauta, ta mayar da hanin zuwa haraji a kan mai fita. Tare jarin da ke gudu daban, sa mai masana'anta a layi daban. Na biyun ne ke karya mu.

Bari in yi misali da alƙaluma masu sauƙi. A ce farashin gwamnati 100 ne a kuɗin gida kan kowace dala, a kasuwar bayan fage kuwa 160. Muna buƙatar dala 100,000. Mukan cika takardu, banki ya ce mu fara ajiye kuɗin gida, miliyan 10 cif, kafin a sa mu a layi. Kuɗin nan rance ne, ruwa na hawa kansa, yana kwance ba ya aikin komai. Wata huɗu sai a kira mu a ce an ba mu dala 20,000. Sauran 80,000 dole mu nema a kan 160, wato miliyan 12.8, ga miliyan 2 na banki. Dalarmu ta tashi a 148 ke nan, ban da ruwan bashi, ban da kuɗin jinkirin kwantena a tashar jiragen ruwa, wanda shi kansa da dala ake lissafa shi.

To, ga abokin gasarmu mai uwa a gindin murhu. An ba shi dubu ɗarinsa duka a kan 100. Ba zai rage wa mai saye ko kwabo ba, da farashin 160 zai sa wa kayansa kuɗi kamar kowa. In ma ya ga dama ba sai ya kunna inji ba: ya kawo takardar kaya da aka kumbura farashinta, ko ta kayan da babu su, ya karkatar da dalar zuwa bayan fage, ya tashi da ribar miliyan 6. Wannan tazarar tallafi ce, ranka ya daɗe, sai dai babu ita a kasafin kuɗi kuma ba a san sunayen masu cinta ba. Shi ya sa layin ba ya raguwa. Duk wanda ke buƙatar ɗaya sai ya nemi biyar, tunda ya san kashi ɗaya cikin biyar ake bayarwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne amana. Kamfanin da ke ba mu kaya bashin kwana 90 ya daina, yanzu sai ya ga kuɗi a ƙasa. Na taɓa zama ina kallon injin da ya tsaya mako uku saboda ƙarfe ɗaya da bai fi tafin hannu ba, ma'aikata suna zaune a inuwa, muna da kuɗinsa a banki amma babu halin aikawa.

Mai fitar da kaya waje kuma, da aka tilasta masa sayar da dalarsa a kan 100, sai ya rage farashi a takarda ya bar ragowar a can. Rijiyar da kake rabon ruwanta ita ce ke ƙafewa. Masar ta ga haka: kafin ta bar kasuwa ta yanke farashin kuɗinta a Nuwambar 2016, dala tana ƙasa da fam 9 na Masar a banki, bayan fage kuwa ta kai kusan ninki biyu.

Roƙona kaɗan ne. In rabon ya zama dole, a riƙa wallafa wanda aka ba, nawa, kuma a wane farashi. A daina riƙe kuɗin gida kafin dala ta samu. A matso da farashin hukuma kusa da na kasuwa har karkatarwa ta daina riba. Sannan a faɗi sharaɗin da in ya cika za a janye takunkumin, domin Iceland ta sa nata a ƙarshen 2008 da sunan na ɗan lokaci, ba ta cire mafi yawansa ba sai Maris na 2017. Mu masu biyan albashi kowane ƙarshen wata muna so mu san ko mu yi odar kayan zango mai zuwa ko mu fara sallamar mutane.

Huta lafiya.

Naka,
Wani akantan masana'anta