Ki ba shi lokuta uku ya zaɓi ɗaya

Assalamu alaikum Uwata,

Da fatan kin tashi lafiya, ya Kaduna ya sanyi? Mu nan Katsina hunturu ya sauka sosai, hazo har Ƙofar Ƙaura ba a hangowa da safe. Mamanki ta ce min kwana tara ke nan kina jiran amsar malamin nan na jami'ar da ke jihar Kedah a Maleshiya wanda kike so ya duba aikinki na digiri na biyu, har kin fara cewa ko ya fasa ne. Na sa ta nuna min abin da kuka rubuta wa juna, kuma ni dai ban ga alamar fasawa ba. Shi ya ce yana so ku yi magana ta bidiyo, ya tambaye ki yaushe, ke kuma kika ce duk lokacin da ya dace da shi. To a nan maganar ta tsaya.

Na san abin da ya sa kika rubuta haka, tarbiyyar gida ce, yaro ba ya sa wa babba lokaci, kuma ban ce ki bar ladabi ba. Amma ki duba abin da kika ɗora masa. Sai ya buɗe kalandarsa, ya lissafa ƙarfe nawa ne a Najeriya, ya yi tunanin ko kina barci a lokacin, ya rubuto miki, sannan ya jira ki ce e ko a'a, mutumin da ɗalibai ke layi a ƙofar ofis ɗinsa cewa zai yi bari sai anjima, anjiman nan kuwa ita ce ta kai mu kwana tara. Shekarun da na yi ina sakatare na gani da idona, takardar da ta zo da "wace rana ce ta dace?" sai ta yi sati a tire, wadda kuwa ta zo da ranaku a jere oga ya zagaye ɗaya da biro yana tsaye ya miƙo min.

Ki fara da lissafin agogo. Maleshiya na gabanmu da awa 7, a ma'aunin agogon duniya da ake kira UTC mu muna UTC+1 su suna UTC+8, kuma daga mu har su ba mai canja agogo a shekara, don haka bakwai ɗin nan ba ta motsi. Idan yana ofis daga 9 na safe zuwa 5 na yamma, a wurinki daga 2 na dare ke nan zuwa 10 na safe. Kin ga abin da ya rage miki ɗan kaɗan ne, daga bayan kin idar da asuba kin kimtsa, ki ce ƙarfe 7, zuwa ƙarfe 9 da rabi. Duk abin da kika ba shi bayan 10 na safiyarki ya riga ya tashi daga aiki, azahar ɗinki kuwa shi dare ya yi masa. Sannan a jihar Kedah Juma'a da Asabar ne hutun mako, Lahadi ranar aiki ce, to kada ki sa Juma'a sam, Lahadi kuma kada ki ji nauyin sa ta.

Ga yadda zan rubuta in ni ne, ke sai ki mayar da shi Turanci:

"Ranka ya daɗe Farfesa, na gode da amsarka. Minti 30 zai ishe mu. Ga lokuta uku, a agogon Maleshiya (UTC+8), na Najeriya na gefe:
1. Lahadi 11 ga Janairu, 2:30 na rana, wato 7:30 na safe a Najeriya
2. Talata 13 ga Janairu, 4:00 na yamma, wato 9:00 na safe a Najeriya
3. Laraba 14 ga Janairu, 3:00 na yamma, wato 8:00 na safe a Najeriya
Lamba kawai za ka turo min, ni zan aiko da hanyar shiga kiran. In babu wanda ya yi, ka faɗi naka zan daidaita."

Shi ke nan, amsarsa ba za ta wuce "2" ba, ko yana tafiya a baranda zai iya turowa. Kuma jimlar ƙarshen nan ita ce ladabin da kike tsoron rasawa, kin bar masa ƙofa a buɗe.

Ki lura na sa agogonsa a gaba naki a baya, don shi ne mai zaɓe, da agogonsa zai duba. Naki kuma na rubuta shi ne saboda in kin yi kuskuren lissafi ɗayanku zai gani tun kafin ranar. Ki lura kuma ranakun daban, awoyin ma daban. In kika ba shi ƙarfe 3 a duka ranakun uku alhali yana da aji ƙarfe 3 kullum, ai lokaci ɗaya kika ba shi sau uku. Ukun ma da dalili, ɗaya kamar umarni ne kuma in bai yi ba an koma farko, bakwai ko takwas kuwa kin sake mayar masa da aikin tacewa, ke ma kin ɗaure satinki gaba ɗaya kina jiran amsa.

Sunan rana da sunan wata ki rubuta su cikakku. Kada ki rubuta 11/1, wani zai karanta 1 ga Nuwamba, Amurkawa wata suke farawa da shi. Kada ki ce gobe ko jibi, ba ki san ranar da zai buɗe saƙon ba, shi ya sa ma nake so na farkon ya kasance aƙalla kwana uku bayan ranar da kika aika. Bayan la'asar ma ki bar mana shi a nan gida, ko da shi Musulmi ne la'asar ɗinsa ba taki ba ce.

Abin da ya sa nake nanata a rubuta sunan agogo, ki tuna abin da ya faru da Yayanki na Ingila. Duk damina agogonmu ɗaya da nasu, ƙarfe 8 nan ƙarfe 8 can, muka saba muna cewa takwas kawai. Lahadin ƙarshe ta Oktoba suka mayar da agogonsu baya da awa ɗaya kamar yadda suke yi duk shekara, ranar da za a tattauna maganar aurensa kawunnanki suka taru a zaure ƙarfe 8 namu, shi kuwa a wurinsa 7 ce yana cikin jirgin ƙasa, dattawa suka yi awa guda suna jiran yaro, har yau Kawu bai daina ambata ba kuma raina ya ɓaci ƙwarai a daren. Ba sa dawowa daidai da mu sai Lahadin ƙarshe ta Maris. Maleshiya ba ta da wannan, amma gobe wani za ki rubuta wa.

In kin aika, lokutan nan uku sun zama alkawari har ya zaɓa, kada ki sa wani abu a cikinsu, kuma ki tabbata tun yanzu wurin aikinki za su bar ki ranar Talata da Laraba da safe, in ba za su bari ba ki ja su zuwa ƙarfe 7. Da ya amsa ki maimaita masa a layi ɗaya, rana da kwanan wata da awa a agogo biyu. Daren ranar ki cika waya da kwamfuta da caji kada ki dogara da NEPA, ki sa data a layi biyu.

Idan kwana uku suka wuce shiru, ki sake turawa da sababbin ranaku, kada ki tambaye shi ko ya ga na farko.

Ki rubuta yau ki turo min in duba lissafin kafin ki aika. Mamanki na gaishe ki, ta ce kilishin da kika ce a aiko yana hanya ranar Asabar. Allah ya yi miki albarka, ya sa a dace.

Babanki