Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar Gudanarwar asibitinmu: lokacin sanyi na wucewa, takardar injinan sanyi tana kan teburinka

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni injiniya ne a sashen gyare-gyare na wannan asibiti, kuma da hannuna aka rubuta takardar shawarar da ke neman a sauya injinan sanyaya ruwa, waɗanda muke kira cila, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ka sauko ɗakin injin ka ji ƙarar na biyu da kunnenka, ka ce mana ba za a sake shiga zafi a haka ba. Wata huɗu ke nan. Abin da ya dawo mana shi ne umarnin a cire matakin farko, wai don a rage kuɗi, a jira a sayi sababbin injina gaba ɗaya. A kan wannan cirewar na ɗauki alƙalami.

Ka san lissafin, amma bari in maimaita shi saboda masu karatu. Cila uku muke da su, kowace tan 300 a ma'aunin ƙarfin sanyayawa, shekararsu 22. Ta ɗaya kwamfuresarta ta ƙone, tana nan tsaye. Ta biyu da ƙyar take ba da tan 200. Ta uku ce kaɗai mai cikakken ƙarfi. Jimilla tan 500, alhali a tsakiyar zafi ginin nan yana buƙatar 550. An tsara su ne biyu su yi aiki ɗaya ta zauna jiran ko-ta-kwana, yau ba mu da mai jira, ba mu ma kai abin da ake buƙata ba.

Ba zato muke yi a kan ta biyu ba. Ruwan da ya kamata ya fita daga cikinta a digiri 7 yana fita a 10. Tazarar zafi tsakanin gas ɗinta da ruwan da ke huce shi, wadda a lafiyayyen inji ba ta wuce digiri ɗaya zuwa biyu, ta kai biyar, kuma mun wanke bututun ciki sau biyu ba ta sauko ba. Gwajin mai ya nuna ɓurɓushin ƙarfe, ma'ana wani abu yana cinyewa a cikin kwamfuresa. Gas ɗin kuma R-22 ne, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka sa ake janyewa a duniya, kullum ƙara wahalar samu yake yi, mu kuwa ciko muke ta yi saboda yoyo.

To mene ne matakin farkon da aka soke? Ba sayen inji ba ne. Bawul ne da bakin bututu. Bawul ɗin da ke raba kowace cila da babban bututun ruwan sanyi sun ci tsatsa, ko an rufe su ruwa na wucewa. Muddin haka suke, ba a iya kwance inji ɗaya sai an tsayar da duka, an zubar da ruwan gidan gaba ɗaya. Ko gobe aka sauke mana sababbin cila uku a bakin ƙofa, ba mu da hanyar haɗa ko ɗaya ba tare da mun kashe sanyin asibitin na kwanaki ba. Asibitin da ke cike da marasa lafiya kuwa ba ya da waɗannan kwanakin. Ɗakin tiyata yana son zafi tsakanin digiri 20 da 24, laima kada ta haura kashi 60 cikin ɗari, in ta haura raɓa na iya sauka a kan kayan da aka tsabtace. Na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, ruwan nan ne ke huce kwamfuresar da ke riƙe sanyin maganaɗisunta, in ya yanke ta daɗe, gas ɗin hiliyom da ke cikinta ya fara tsiyayewa, asarar ta fi kuɗin bawul ɗin nesa ba kusa ba.

Ga yadda muka tsara. Wuraren da ba za su jure yankewa ba, wato tiyata, ɗakin kulawa ta musamman, MRI da ɗakin gwaje-gwaje, nauyinsu tan 120 ne, kuma reshe ɗaya na bututu ke kai musu. Za a huda wannan reshen yana ɗauke da ruwa, a kafa masa baki biyu, na shiga da na fita, a toshe shi daga babban bututu, a ɗaura masa cilar haya mai tan 150 da za a ajiye a waje. Sai ta yi kwana biyu tana aiki mun ga ba ta tsaya ba, an kuma gwada ta a kan janareta, sannan a taɓa wani abu. Daga nan dare ɗaya ne, awa takwas: a tsayar da manyan injinan, a zubar da ruwan babban bututu, a sa sababbin bawul, a cika, a fitar da iska, a tayar. Ɗakunan kwanciya ne kaɗai za su rasa sanyi, fankokin iska kuma suna juyawa. Mun sa iyaka: in awa huɗu ta cika ba a gama walda ba, a toshe inda aka tsaya a mayar da ruwa, a sake zaɓar wani daren. Shugabar ma'aikatan jinya na dare tana da ikon dakatar da mu a kowane lokaci.

Wannan dare ba ya yiwuwa sai a lokacin sanyi, lokacin da nauyin ginin ke sauka zuwa tan 250 kuma ɗaki ba ya ɗumama da wuri. Shi ya sa nake roƙonka, ranka ya daɗe. Sabuwar cila ba a shago ake ɗaukarta ba, daga oda zuwa isowa watanni ne. In wannan sanyin ya wuce ba bawul ba baki, za mu shiga zafi da ta biyu a halin da take, kuma ranar da ta tsaya da rana tsaka, ko an kawo cilar haya babu inda za a ɗaura ta. Wanda ke kan gadon tiyata a wannan ranar bai san da wata takarda ba.

A kan kuɗi, matakin farko bai kai kashi goma cikin ɗari na dukan aikin ba, kuma ko yaya aka juya sai an yi shi. Bayan sa, ta ɗaya da ta mutu za a fara cirewa tunda ba ta ɗauke da komai, sai ta biyu in sabuwar ta yi wata guda lafiya, ta uku a sanyin shekara mai zuwa, kuɗin ya rabu a kasafi biyu. Tsofaffin suna shan kilowat 0.9 a kowane tan, waɗanda muka nema 0.6. A matsakaicin nauyi na tan 300, ragin kilowat 90 ke nan dare da rana, kusan yunit 788,000 na wuta a shekara idan an gama.

Akwai batun hanyar da motar ɗaga kaya za ta bi ba tare da ta tare ƙofar gaggawa ba, da shingen ƙura, da wanke hasumiyar huce ruwa ta cilar da ta daɗe tsaye kafin a tayar da ita, saboda ƙwayar Legionella mai jawo ciwon huhu. Duk suna shafi na shida da na bakwai na takardar.

Abin da muke nema shi ne a mayar da matakin farko cikin takardar, a sa hannu a zaman hukuma na wannan wata, a ba mu izinin ɗauko cilar haya. Daren da za a yi aikin mun riga mun zauna da likitocin tiyata sun nuna mana biyu da za su iya sakin jadawalinsu, kuma na farkon saura mako biyar.

Naka mai biyayya,
Injiniya a sashen gyare-gyare