Game da hotunan maƙogwaron Ummi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya jikin Ummi? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga hotunan da kika turo bayan na sauko daga aikin dare, na kuma saurari muryar da kika ajiye. Na ce gara in zauna in rubuta, don in muka yi waya Hajiya za ta karɓe ta fara tambayar sanyin Manchesta har mu manta abin da ya haɗa mu.

Farin da kika gani gaskiya ne. A hoto na biyu ana ganin ɗigo-ɗigon fari a kan tsokoki biyun nan da ke gefe da gefen maƙogwaro, waɗanda ake kira tansil, sun kumbura sun yi ja. Na farkon ki bar shi, hasken kyamara ne ya bugi miyau ya yi ƙyalli. Amma Yaya, ko likitan da ya ƙware a kan maƙogwaro ba zai kalli hoto ya rantse da abin da ya kawo farin ba. Ƙwayar bairos tana kawo shi, bakteriya ma tana kawo shi, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Yawancin ciwon maƙogwaro ma na bairos ne, wanda ke wucewa da kansa cikin mako guda, antibayotik ba ya taɓa shi ko kaɗan. Shi ya sa mu a wurin aiki farin nan shaida ɗaya ce kawai, sai mun nemi 'yan rakiyarsa.

Ki tuna ciwon da yayanta ya yi a watan jiya. Shi da tari ya zo, da majina, murya ta dishe, ido ya yi ja. Wannan tafiyar bairos ce, kuma kin ga ruwan ɗumi da zuma da farasitamol sun ishe shi. Ummi kuwa, yadda kika faɗa, ta kwanta lafiya ta tashi da zazzaɓi, ma'auni ya nuna 38.6, haɗiyar miyau ta zama aiki, ba tari ba mura, kuma in kin taɓa ƙasan haɓarta ta gefen wuya akwai kaluluwa mai zafi. Abubuwa huɗu ake ƙirgawa: zazzaɓi, farin tansil, kaluluwa mai ciwo a gaban wuya, da rashin tari. Ta haɗa duka huɗun, ga shi shekararta 8, kuma tsakanin shekara 5 zuwa 15 ne bakteriyar da ake kira sitirep ta fi kama yara. Duk da haka, cikin masu alamun huɗun nan kusan rabi ne kawai ake samun sitirep ɗin in an gwada. Don haka ba wai na yanke hukunci ba ne, cewa nake ta kai a duba ta yau, kar a jira a ga abin da gobe za ta yi. In suna da gwajin da ake shafo maƙogwaro da auduga, su yi. Ki ce su haɗa da na maleriya, tunda zazzaɓi ne a gida.

In likita ya rubuta fenisilin ko amoksisilin, gwargwadon nauyinta zai auna, kuma na kwana 10 ne. A nan nake roƙonki. Zuwa kwana na biyu ko na uku za ki ga ta warware tana neman tuwo, sai a ajiye kwalbar a ce ai ta warke. Dalilin kwana goman ba maƙogwaron ba ne, zuciya ake karewa. Sitirep da ba a kashe shi sarai ba, bayan mako biyu ko uku yakan sa garkuwar jikin yaro ta juya kansa: gwiwa ta kumbura yau, gobe ciwon ya koma idon sawu, zazzaɓi ya dawo, a hankali ƙofofin zuciya su lalace. Nan Ingila da wuya ki ga wannan yanzu, amma a asibitocinmu har yau ana kwantar da matasa da ciwon zuciyar da ya faro daga maƙogwaron da aka raina. Haka in fitsarinta ya koma kalar shayi ko fuska ta kumbura bayan ta warke, a koma asibiti, ƙoda ce.

Kar kuma ki aika kemis a sayo ƙwaya shida a ba ta kafin a duba. Akwai wani bairos da ya fi kama 'yan mata da samari, yana rufe tansil da fari sosai, da kasala mai tsanani da kaluluwa har bayan wuya. Mai shi in ya sha amoksisilin sau da yawa ƙuraje ne za su feso masa a jiki, ciwon kuma yana nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mashaƙo. Kin san yadda ya yi ɓarna a Kano a 2023. A hoton Ummi farin a warwatse yake, ɗigo nan ɗigo can, wannan ya ɗan kwantar mini da hankali. Na mashaƙo shimfiɗa yake yi, fata-fata mai kauri, launinsa toka-toka, ya manne har ya haura kan belu da ganɗa, in an kankare shi jini ke fita. Wuya kan kumbura ta waje sosai, zazzaɓin kuma sau da yawa bai kai na sitirep zafi ba, abin da ke yaudarar iyaye ke nan. Maganinsa a asibiti yake, allurar da ke kashe dafin ƙwayar, kuma jinkiri ne ke kisa. Ki nemo katin rigakafinta ki duba ko ta samu allurar fenta duka uku, ta mako 6 da 10 da 14, ki tafi da katin. Sauran yaran ma ki duba nasu.

Na san za a ce a kira wanzami, belu ne ya sauko. Don girman Allah kar a bari aska ta shiga bakin yarinyar nan, kar kuma wani ya naɗe yatsa da tsumma ya goge farin. Maƙogwaron da ya kumbura yana zubar da jini fiye da ƙima, kuma belun ba shi ya kawo ciwon ba. In Hajiya ta matsa, ki ce ni na hana, ta kira ni.

Ko tsakar dare ne, in kin ga numfashinta yana ƙara ko tana jan sa da ƙyar, in miyau na dalala don ta kasa haɗiyewa, in ta kasa buɗe baki sosai, ko muryarta ta koma kamar mai dankali da zafi a baki, ku fita asibiti a lokacin. Haka in ciwon ya tattaru a gefe ɗaya har belun ya karkace, wannan ƙurji ne ya tara mugunya a bayan tansil, sai an zuƙe shi. Wuya ya sandare, ko barci mai nauyi da wuyar tayarwa, ko ta wuni ba fitsari, duk ba na jira ba ne. In tana cikin wahalar numfashi kar ki sa mata cokali a baki don ki leƙa, ki bar ta zaune yadda ta fi jin daɗi.

Kafin ku isa, ki riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, da kunu mai ɗumi ko koko, da farasitamol yadda aka rubuta na shekarunta. Ban da asfirin, ba a ba yara. Ki ware mata kofi da cokali. In an fara antibayotik, bayan kwana ɗaya cur galibi ta daina yaɗawa, in zazzaɓi ya sauka tana iya komawa makaranta da Islamiyya.

In za ki sake turo hoto, ki zaunar da ita kusa da taga, ta ce "aa", wani ya haska da fitilar wata wayar, ki kashe hasken kyamarar. Ki haɗo mini da takardar da likita ya rubuta in gani. Na tura kuɗin asibiti ta hannun Auta.

Ki gaishe da Hajiya da Baban su Ummi da yara duka.

Taki ƙanwa.