Ba canki-canka nake koya wa yara ba: amsa ga tambayar da aka yi mini a taron iyaye

"Malam, mun ji kana koya wa 'ya'yanmu su soke wannan, su soke wancan, su ɗauki abin da ya rage. Wannan ilimi ne ko caca? Yaron da bai san komai ba ai zai ci jarrabawa da wannan dabara. Kuma me ya sa ba ka ba su tsofaffin tambayoyi su haddace kamar yadda ake yi a gari?"

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina gaisuwa irin ta ƙani da yayansa.

A gaban iyayen ɗalibaina ka yi wannan magana, shi ya sa zan amsa ta a fili. Kalmar caca ce ta fi yi mini ciwo. Garin nan kowa ya san ban taɓa shiga ɗakin jarrabawa da amsa a aljihu ba, kuma na sha zagi a kan ƙin yarda da satar amsa. Ba zan yi shiru a jingina mini abin da na ƙi tun ina saurayi ba.

Irin tambayar da muke magana a kai ita ce wadda ake jero maganganu masu lamba, I, II, III, IV, sannan zaɓin A zuwa D ya zama haɗin waɗannan lambobi. Ga guda da na shirya wa ajina a darasin noma, na mayar da ita Hausa.

Waɗanne ne gaskiya game da gyaɗa?
I. A saiwarta akwai 'yan ƙulle-ƙulle da bakteriya ke zaune ciki, suna kamo naitirojin daga iska.
II. Furenta a ƙarƙashin ƙasa yake buɗewa, shi ya sa 'ya'yanta ke nuna a can.
III. Ƙwayarta ɓari biyu ce.
IV. Duk shukar da amfaninta ke ƙarƙashin ƙasa tana ƙara wa ƙasa naitirojin.
A. I da III kaɗai
B. I, II da IV kaɗai
C. II, III da IV kaɗai
D. I, III da IV kaɗai

Abu na farko da nake sa yaro ya yi shi ne ya kau da ido daga A zuwa D, ya ɗauki kowace magana ita kaɗai, ya yi mata hukunci ɗaya cikin uku a takardarsa: gaskiya, ƙarya, ko ban tabbata ba. Na ukun nan ina matsa musu a kansa, domin yaron da ya rubuta "gaskiya" alhali zato yake yi, shi ne ke soke amsar daidai da hannunsa.

Dubi magana ta II. Wutsiyarta gaskiya ce, 'ya'yan gyaɗa a ƙasa suke nuna, kuma wannan wutsiyar ce ke jan yaro ya amince da duka. Sai na ce ya raba ta biyu, ya gwada kowane ɓangare. Duk wanda ya yi noman gyaɗa ya ga furen nan ruwan ɗorawa a sarari, a jikin shukar. Bayan ya bushe ne wani siririn tsiro kamar allura yake sunkuyawa ya shige ƙasa, can kansa ya kumbura ya zama gyaɗa. Rabin farko ƙarya ne, kuma magana in rabinta ya faɗi, duka ta faɗi. To B da C suna ɗauke da II, sun fita.

Saura A da D. A nan yaro zai tambayi kansa, me ya raba su? Dukansu suna da I, dukansu suna da III. Ke nan ɓata lokaci ne ya tsaya kokawa da waɗannan biyun, hukuncin yana kan IV.

Ita IV da "duk" ta fara, kuma maganar da ta ce "duk" ba a gwada ta da misalin da ya goyi bayanta. A nan yara masu ƙoƙari ma suke faɗawa. Yaro zai tuna gyaɗa, ya tuna gurjiya, ya ga biyun suna nuna a ƙasa kuma biyun suna gyara gona, sai ya ce shi ke nan. Misali goma masu goyon baya ba su tabbatar da "duk" ba, amma guda ɗaya mai saɓawa ya rushe ta. Sai ya nemo mai saɓawar: rogo fa? Dankali fa? Amfaninsu a ƙasa yake, amma ba dangin wake ba ne, ba su da waɗannan ƙulle-ƙulle. IV ta faɗi, D ta bi ta. Amsa A.

Yanzu, Alhaji, nuna mini inda yaron da bai san komai ba zai bi ya iso A. Kowace sokewa a nan da sani aka saye ta. Wanda bai san furen gyaɗa ba, bai san rogo ba, yana nan da damarsa ta ɗaya cikin huɗu, kamar wanda ya rufe ido ya nuna. Dalilin da ya sa sanin maganganu biyu kaɗai ya wadatar shi ne, maganganu huɗu za su iya haɗuwa ta hanya 16, amma mai tambaya huɗu kawai ya ajiye a gabanka.

Cacar gaske akwai ta, kuma ina yaƙarta. Wasu na koya wa yara su ƙirga lambar da ta fi yawan fitowa su bi ta. Gwada a wannan tambaya: I ta fito sau uku, III sau uku, IV sau uku, II sau biyu. Ƙirgen zai kai ka D, kuma D kuskure ce. Da gangan na shirya ta haka don su gani da idonsu.

Hanyar tawa ma tana da inda take yankewa, kuma ba na ɓoye musu. In tambayar ta zo da NOT ko EXCEPT, ƙaryar ake nema, dole yaro ya juya hukuncinsa gaba ɗaya, ga shi mai sauri ba ya ko ganin kalmar. In kuma ya gama ya ga haɗin da ya samu babu shi a A zuwa D, wannan shaida ce ya yi kuskure a magana ɗaya. Kada ya ɗauki zaɓin da ya fi kama da nasa, ya koma kan wadda ya fi shakka ya sake raba ta.

Batun haddar tsofaffin tambayoyi ba zan daɗe a kai ba. Muna yin su, amma don gwaji. In aka sauya kalma ɗaya a magana ta II, amsar da aka haddace ta zama tarko.

Akwai abin da ba zan haɗiye ba. Mutane da dama a wurin taron sun san kana da hannu a darasin kuɗi da ake yi a gari, inda hadda ce jarin. Da ka faɗi haka kafin ka yi tambayar, da iyaye sun auna ta da ma'aunin da ya dace. Yaranmu na ƙauye za su zauna jarrabawar JAMB, tambaya 180 cikin awa biyu, wato sakan 40 kowace tambaya, a gaban kwamfutar da wasunsu ba su taɓa taɓawa ba sai ranar, bayan sun yi sammako zuwa Dutse ko Haɗeja. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, littafi ɗaya yara da yawa ke rabawa. Abin da suke da shi shi ne gonar da suka tashi a ciki, ni kuma ina koya musu yadda za su sa wannan sani ya yi musu aiki cikin sakan 40. A kan waɗannan rashe-rashe ban taɓa jin ka ɗaga murya a taro ba.

Ranar Asabar da hantsi muna da aji. Ka zo da tambayar da ka ga dama daga manhajar noma, ka zaɓi yaron da kake so, ka ce ya faɗa maka dalilin kowace magana da ya soke.

Wassalam.
Ƙaninka, malamin noma, daga ƙasar Ringim.