Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya riƙe mini kuɗi kwana 16

Assalamu alaikum.

Ni baduku ne a nan Tawa, ina ɗinka takalma da jakunkunan fata, kuma ta manhajarku masu saye daga Turai suke biya na da katin banki. Na rubuto a fili ne saboda saƙo huɗu na aika muku ta cikin manhajar, amsa ɗaya kuke maimaita mini: in yi haƙuri, ana dubawa.

Na nemi cire yuro 600 zuwa asusun salulata. A kan canjin da bai motsi, sefa 655,957 kowane yuro, kuɗin ya kama sefa 393.574 kafin ku cire ladarku. Allo ya nuna «En attente», wato ana jira, ya tsaya nan kwana 9. Na je wurin yaron da ke ba mu kuɗi a bakin kasuwa, ya karɓi salular ya duba, ya ce: «Baba, ina lambar aikawa? In babu ita, kuɗin bai baro hannunsu ba, ba laifin rezo ba ne.» Gaskiyarsa. Da kun tura, da akwai lambar da kamfanin salula zai bi sawu da ita.

Na san kuna da dalilan riƙe kuɗi, ban ce zalunci ne duka ba. Wanda ya biya da kati yana iya komawa bankinsa ya ce kaya bai iso ba, ko ba shi ya yi sayayyar ba, kuma sau da yawa yana da har kwana 120 na yin haka. In ya yi nasara a wurinku ake zare kuɗin, shi ya sa kuke jinkirta wa sabon mai sayarwa ko wanda cinikinsa ya yi tsalle farat ɗaya. Na kuma san dokar hana halatta kuɗin haram ta tilasta muku tabbatar da mai asusu. To amma nawa wanne ne a ciki? Wannan ne kuka ƙi faɗa.

Sai a kwana na 9 wani ma'aikacinku ya ce sunana bai daidaita ba. Layin salulata an yi masa rajista da sunan da ake kirana da shi a gida, katin ɗan ƙasa kuwa yana ɗauke da cikakken sunan, ga shi wurin ranar haihuwa an rubuta «né vers 1979». Mu da yawa a ƙasar nan haka takardunmu suke, ba rana ba wata, amma manhajarku sai ta ga rana da wata. Na rufe shago, na je aka gyara rajistar layin, na ɗauki hoton katin gaba da baya na tura. Aikin yini ɗaya ne, da kun faɗa tun farko.

Kashegari allo ya koma «En cours», wato ana kan aikawa, har na ce wa mai jima ya zo da yamma ya karɓi kuɗin fatunsa. Da la'asar sai ga «Échoué», wato aikawar ta faɗi, kuɗin ya koma. Wannan karon ni na gano dalili da kaina. Ƙa'idar 2015 ta BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa, a kan kuɗin salula ta ce wanda aka tantance ba zai ajiye fiye da sefa miliyan 2 a asusunsa ba. Ni kuwa a ranar akwai 1.750.000 a ciki, yawancinsa kuɗin adashen ƴan layinmu da nake riƙewa. Gurbin da ya rage jika 250 ne kawai, kun turo kusan jika 394, dole ya dawo. Wannan kam da sakacina a ciki, na yarda. Amma kamfanin salula yana mayar muku da dalilin ƙin karɓa, me ya hana ku nuna mini shi maimakon kalma ɗaya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan dawowar. Kun cire lada a kan aikawar da ba ta isa ba, ba ku mayar ba. Sannan kuɗin ya sake shiga «En attente» kamar yau na fara, alhali na kwashe na adashen tun washegari, asusun a buɗe yake. Yau kwana 16. Mai jima ya zo sau uku, na ukun bai ko zauna shan shayi ba.

Ina neman ku sake tura kuɗin, ku ba ni lambar aikawa, ku mayar da ladar da kuka cire. In kuwa wani mai saye ne ya ƙalubalanci biyansa, ku gaya mini wane ciniki ne, ku riƙe kuɗin wannan kaɗai ku sakar mini sauran. Resin gidan waya na kowane kaya da na aika yana nan a ajiye, zan tura muku hotonsa a ranar da kuka nema.

Wassalam,
Wani baduku, Tawa