Abin Da Ya Sa Na Bar "Anka" Na Gyara "Shine": Amsa Ga Mai Tambaya

"Malam Edita, ina so ka amsa mini a gaban jama'a. A fitowa ɗaya ka bar 'anka' da 'tahi' da 'gidanai' a labarin wata marubuciya, ni kuwa ka bi maƙalata da jan biro har na kasa gane muryata, bayan ka riƙe ta wata biyu. Daidaitacciyar Hausa ta hau kan wasu ce ban da wasu, ko kuwa sunan marubuci kake dubawa kafin ka ɗaga alƙalami?"

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Da ka turo mini wannan tambaya tsakanina da kai, da na amsa ta da gajeriyar wasiƙa, na haɗa maka da kwafin da na yi wa gyara, magana ta ƙare. Amma tun da ka ga ya fi dacewa a yi ta a bainar jama'a, inda ba a rasa masu tafi, to, ni ma a nan zan amsa. Batun jinkiri ba zan tsaya a kansa ba, domin rubutun da gyaransa ya yi yawa shi ne yakan daɗe a kan tebur, kuma ka san wannan. Abin da ya sosa mini rai shi ne zancen suna. Na shafe shekaru ina wannan aiki, na yi wa rubutun malamaina gyara suna raye suna gani, wasu sun gode, wasu sun ɗaure fuska, amma ko a cikin waɗanda suka ɗaure fuskar ba a taɓa samun wanda ya ce na duba rawaninsa kafin na duba jimlarsa ba.

Ka haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka, ka sa musu suna ɗaya, wato murya. Karin harshe daban, ƙa'idar rubutu daban. Wanda ya ce "anka" a maimakon "aka", ko "zamna" a maimakon "zauna", ko "gidanai" a maimakon "gidansa", Hausa yake yi cikakkiya, mai tsari, wadda miliyoyin mutane suka tashi da ita a ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Kabi da Gobir har zuwa cikin Nijar. Ƙamusun Bargery na 1934 bai watsar da irin waɗannan kalmomi ba, shigar da su ya yi, ya nuna yankin da ake faɗarsu. Amma babu wani yanki na ƙasar Hausa da "shine" a haɗe ya zama karinsa, saboda baki ba ya haɗa kalma ko raba ta, hannu ne yake yin haka. Abin da na gyara a maƙalarka yawancinsa aikin hannu ne. Ka rubuta "bata amince ba" inda kake nufin "ba ta amince ba", kuma tun da ba ka sa wa haruffa lanƙwasa, mai karatu zai iya ɗauka "ɓata" kake nufi. Ka rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" tun daga sakin layi na farko. Ka rubuta "akan wannan batu", alhali "akan" a haɗe yana nuna abin da aka saba yi, kamar a ce "akan yi haka", wanda kake nufi kuwa shi ne "a kan". Idan wannan ce muryar da ka kasa ganewa bayan gyara, ina mai ba ka haƙuri, murya ce da ka yi tarayya da duk mai gaggawar buga saƙo a waya.

Yanzu ga labarin da ka kafa hujja da shi. Akwai bakuna biyu a cikinsa: bakin mai ba da labari, da bakin wata tsohuwa da ta zo birni neman jikanta. Mai ba da labarin da daidaitacciyar Hausa yake magana daga farko har ƙarshe, kuma wuri guda da "tahi" ta kutso cikin bakinsa na mayar da ita "tafi" ba tare da na nemi izinin kowa ba. Tsohuwar ce kaɗai take Sakkwatanci, kuma labarin a kan baƙuntarta aka gina shi. Akwai wurin da yaran unguwa suke kwaikwayon maganarta suna dariya, ita kuma ta yi shiru, ba ta sake buɗe baki ba sai bayan shafi biyu. Da na mayar da "da yat tahi" ta koma "da ya tafi", da yaran sun rasa abin kwaikwaya, shirun tsohuwar kuma ya rasa dalili. Tambayar da nake fara yi wa kowane rubutu ke nan: wane ne yake magana a nan, kuma mene ne zai rushe idan na canza masa harshe?

Kada ka zaci barin karin harshe yana nufin edita ya naɗe hannu. Jan biron da marubuciyar ta sha bai gaza naka ba, kuma ba ta kai ƙara ko'ina ba. A Sakkwatanci "na" da "ta" suna tsayawa a matsayin "ne" da "ce", saboda haka "yaro na" a rabe yana nufin "yaro ne", "yarona" a haɗe kuwa mallaka ce. Ta haɗe su a wuraren da ya kamata ta raba, har tsohuwar ta zama tana iƙirarin ɗan da ba nata ba, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na raba. Ka ga ke nan mai rubutu da karin harshe ya fi kowa bukatar ƙa'idar raba kalmomi. Sannan na bi maganar tsohuwar ina duba ko ta tsaya a kan tsari ɗaya, domin a nan ake gane karin gaske da na aro. Wanda ya san harshen ba zai ce "anka" a wannan layi ya ce "muka" a na gaba ba, "munka" zai ce. Na sami wurare biyu da "aka" ta fito daga bakinta, na tambayi marubuciyar. Ɗaya tuntuɓen alƙalami ne, muka mayar da shi "anka". Ɗayan kuwa tsohuwar tana maimaita maganar wani ma'aikaci ne da irin lafazinsa, don ta nuna yadda ya raina ta, sai muka bar shi yadda yake. Da na yi gyaran ban tambaya ba, da na kashe ba'ar da ta fi kowace armashi a labarin.

Wuri ɗaya ne ma'ana ta so ta kuɓuce, shi ne inda tsohuwar ta ce ba ta da "ɗiya" a garin. A karinta wannan kalma tana iya zama 'ya mace guda, tana kuma iya zama 'ya'ya, karin sauti ne yake bambanta su, mu kuwa ba ma nuna karin sauti a rubutun yau da kullum. Ban cire kalmar ba. Na roƙi marubuciyar ta ƙara "maza ko mata" a bayanta, sai Bakano da Bazazzagi suka fahimta, tsohuwar kuma ba ta sauya baki ba. Inda kalmar yanki za ta ɓatar da mai karatu, na fi son a kafa mata tsani a cikin jimlar da a tumɓuke ta.

Maƙalarka ba ta da tsohuwa. Baki ɗaya ne a cikinta, naka, kana yi wa duk mai jin Hausa bayani, daga wanda ya tashi da ita har wanda ya koye ta a aji. A irin wannan rubutu mai karatu hujjarka ya zo nema, kuma duk abin da zai sa ya tsaya yana tunanin daga ina marubucin ya fito ya rage wa hujjar ƙarfi. Na lura ka rubuta "matsalan" a wasu wurare, "matsalar" a wasu. Na san cewa a Zazzaganci da wasu kare-karen kudanci da gabashi ba a cika bambanta jinsin namiji da tamace ba, kuma da a bakin wani ɗan wasa ka sa ta, ka kuma riƙe ta har ƙarshe, da ban taɓa ta ba. Amma wanda ya yi "matsalan" a sama ya yi "matsalar" a ƙasa bai zaɓi kari ba, mantuwa ya yi. Dogayen jimlolinka kuwa, da karin maganar da ka buɗe da ita, da yadda kake jefa tambaya ka amsa da kanka, duk suna nan ban taɓa su ba, kuma a ganina a nan muryarka take, ko da yake ba su ka zo nema ba.

Akwai wuri ɗaya da kake da gaskiya, ko da yake ba ka ambace shi ba, wataƙila don ba ka karanta gyaran har ƙarshe ba kafin ka ɗauki alƙalamin ƙorafi. Ka rubuta cewa wani "ya yi ƙememe", ni kuma na mayar da shi "ya ƙi". Wannan kuskurena ne. Kalmarka Hausa ce tsantsa, ba ta saɓa wa wata ƙa'ida ba, ta kuma fi tawa nuna taurin kai. Hannun edita idan ya ɗauki zafi yakan share abin da ba datti ba, kuma irin wannan sharar ce take mayar da rubutun mutum goma kamar na mutum ɗaya.

Abin da ya fi damuna ya wuce ni da kai. Mun wayi gari da mutane iri biyu, kowannensu yana ganin shi ne mai kishin harshe. Na farko ya ɗauka daidaitacciyar Hausa ita ce duk abin da Bakano ya furta, alhali Bakano yakan ce "gurin" da "rigassa", a rubuce kuwa "wurin" da "rigarsa" muke sawa. An gina ta a kan Kananci, gaskiya ne, amma yarjejeniya ce ta rubutu wadda aka daɗe ana sassaƙawa, tun daga aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939, da Hukumar Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966, har zuwa na Yamai a 1980. Irin wannan mutum ne zai ɗauki waƙar ƙarni na 19, irin ta zamanin Nana Asma'u, ya mayar da "sunka" ta koma "suka", bai san cewa "sun" gaɓa ce mai nauyi, "su" kuwa marar nauyi ba, sai baiti ya gurgunce a bakin mai rerawa, ko ya mayar da "gidanai" "gidansa" ya rushe amsa-amon da aka gina a kan "ai". Na biyu kuma ya ji ana cewa a mutunta karin harshe, sai ya mayar da maganar garkuwa, duk wanda ya nuna masa ƙugiyar da ya manta a kan "ƙ" ya zama maƙiyin yankinsu. Edita yana tsakiya yana shan duka daga ɓangarorin biyu, kuma idan rubutu ya yi kyau ba a tuna da shi, sai ran da aka ga jan biro.

Kwafin maƙalarka yana nan a wurina yadda ka turo shi, tare da wanda na gyara. Idan ka yarda, zan buga su biyun gefe da gefe a fitowa ta gaba, in mayar maka da "ƙememe" a wurinta da neman afuwa a rubuce, sauran gyare-gyaren kuma ka nuna wa jama'ar da ka kira shaida wanne ne daga ciki ya taɓa muryarka. Ba zan buga ba sai da izininka, kuma ina jiran amsa ta hanyar da ka ga dama.

Wassalam,
Editan da ka tambaya.