Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jahar Maraɗi: a auna ƙofofin kantunanmu

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni mai gyaran wutar lantarki ne a cikin garin Maraɗi, aikina kuwa yana kai ni lungunan da mai saye ba ya gani. Makon jiya na shiga wani bene kusa da babbar kasuwa, ƙasa kantin atamfa, sama buro mai ma'aikata takwas. Matakala ɗaya ce tak, a ƙarƙashinta an ajiye injin wuta da jarkar fetur biyu. Tagogin sama duk an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi. Ƙofar baya tana da kwaɗo, makullin yana aljihun maigida, shi kuma ya tafi Jibiya.

In wuta ta tashi a wannan matakala, ta ina mutum takwas za su sauka? Hayaƙi sama yake yi, kuma shi ke fara kayar da mutum tun harshen wuta bai iso ba. Matakalar da za su bi su tsira ita ce za ta kai musu shi.

Na sa mita na auna ƙofar gaba: santimita 90, daidai da abin da ƙa'idar kariya daga gobara ta Faransa ta nema ga wurin da ba ya ɗaukar mutum 20. Sai dai an jera dilolin yadi a bakinta, hanyar da ta rage santimita 55 ce. A wannan faɗin, mutum biyu suka haɗu a guje sun toshe ta. Wurin da ke tara mutum 20 zuwa 50 kuwa, ƙa'idar ta ce ko ƙofa ɗaya mai mita 1.40, ko mafita biyu. Kantin atamfa ana jajibirin Sallah ya wuce 20 nesa ba kusa ba.

Kwalbar kashe gobara akwai ta, ban raina ba. Amma tana can ƙuryar ɗakin ajiya, bayan kwalaye, allurarta ta bar kore, alamar ƙarfin iskar cikinta ba daidai yake ba. Muhallinta jikin bango ne dab da mafita, hannunta bai wuce mita 1.20 daga ƙasa ba, don mai ɗaukarta ya fuskanci wuta ƙofa tana bayansa. Kusa da allon lantarki, kwalba mai iskar CO2 ake ratayawa.

Ranka ya daɗe, Maraɗi ba ta manta da yaran makarantar da suka rasu a gobarar azuzuwan zana a watan Nuwamba na 2021 ba, Allah ya jiƙansu. Roƙona shi ne kafin a ba kanti ko buro izinin buɗewa, ƴan kwana-kwana su zo da mita su duba faɗin mafita, da abin da ke ƙarƙashin matakala, da inda kwalba take, su kuma sake zagayowa kafin hunturu. A tilasta wa kowane bene ya bar taga ɗaya mai ƙarfen da ke buɗuwa daga ciki, makullinta a rataye gefenta.

Naka mai biyayya,
Wani mai gyaran lantarki, Maraɗi